Makonni uku, amsa ɗaya: yadda adireshin 0x3A7C ya tsare wata ɗaliba a Zariya

## Tushen lamarin

Ɗalibar tana aji 3 a fannin kimiyyar kwamfuta a wata babbar makaranta a Zariya, ni kuma nake kula da aikin lab na darasin manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Daga Tudun Wada take zuwa kullum, ba ta fashi, lissafinta kuma ba na yarwa ba ne. Aikin da ya tsare ta na takarda da biro ne: a ba ka adireshin da manhaja ke gani, wanda muke kira adireshin bacuwal, ka bi shi ta cikin tebura biyu har ka fito da ainihin wurin da abin yake a memori, wato adireshin fizikal.

Na'urar da ke kan takardar ta wasa ce, mu muka ƙirƙire ta don a iya lissafa ta da hannu. Adireshin bacuwal bit 16 ne. An yanka memori gida-gida, kowane gida bayit 64. A ɓangaren manhaja ana kiran gidan shafi, a ainihin memori kuma firam. Akwai tebur na sama guda ɗaya, kowane layinsa yana nuna firam ɗin da wani tebur na ƙasa yake zaune, shi kuma tebur na ƙasa layinsa yana nuna firam ɗin da shafin da ake nema yake. Kowane layi bayit 2 ne, don haka tebur ɗaya mai cika firam ɗaya yana ɗaukar layi 32. Daga nan rabon adireshin ya fito: bit 5 na zaɓen layi a tebur na sama, bit 5 na zaɓen layi a tebur na ƙasa, bit 6 na ƙarshe kuma ofset, wato wurin bayit ɗin a cikin shafi.

A cikin kowane layi, bit na 15 shi ke cewa layin na aiki ko ba ya aiki, bit na 14 izinin rubutu ne, bit 8 na ƙasa lambar firam, waɗanda ke tsakani kuwa sifili ne ko da yaushe. Takardar ta faɗi cewa tebur na sama yana farawa a `0x480`, ta kuma kawo abin da ke cikin memori:

```
0x480: 00 00 00 00 31 80 00 00
0x488: 44 80 00 00 00 00 2B 80
0xAD0: 00 00 5E C0 07 80 00 00
```

Adireshi 4 aka ba su su fassara, dukkansu karatu: `0x3A7C`, `0x3A84`, `0x3A10` da `0x1800`. Idan aka tarar da layin da ba ya aiki a hanya, a rubuta `FAULT`. Ana iya sake kawo takardar duk Litinin har sai an dace. Amsar ƙarshe kawai nake dubawa in ba da maki, domin ajin na da yawa.

## Mako na 1, Litinin

Ta kawo takardarta da `FAULT` a gurabe huɗun duka. Na ba ta 2 cikin 4, na mayar mata.

Sai daga baya, da na ga littafinta na gwaji, na san abin da ta yi a wannan makon. Ta dubi `0x3A7C` ta raba shi yadda ido ke so: 3 na tebur na sama, A na tebur na ƙasa, 7C ofset. Akwai dalilin da ya sa hakan ya zo mata. A aji an saba misali da shafi mai bayit 4096, inda ofset ke zama bit 12, wato haruffan heks uku na ƙarshe cif-cif, sai mutum ya ɗauka iyakar kowane yanki tana faɗawa kan iyakar harafi. Harafin heks ɗaya bit 4 ne. Rabon 5, 5, 6 kuwa tsakiyar haruffa yake tsagawa. Alamar kuskuren tana nan a fili: 7C daidai yake da 124, shafin kuma bayit 64 ne kawai, ofset ba zai wuce 63 ba.

Da 3 a hannunta ta je `0x483`, ta karanta `00 31`, ta ga bit na sama sifili ne, ta rubuta `FAULT`.

## Mako na 2, Litinin

A cikin makon wata abokiyarta ta nuna mata 'yan layukan Python da ke raba adireshi:

```
va  = 0x3A7C
i1  = (va >> 11) & 0x1F
i2  = (va >> 6) & 0x1F
off = va & 0x3F
```

Abin ya ba ta 7, 9 da 60. Ba ta tsaya nan ba, ta zauna ta warware adireshin zuwa bainari da hannunta don ta ga daga ina lambobin suka fito:

```
0x3A7C = 0011 1010 0111 1100
       = 00111 | 01001 | 111100
       =   7   |   9   |   60
```

Ta ma gwada shi ta baya: 7 sau 2048, da 9 sau 64, da 60, sun ba ta 14972, wanda shi ne `0x3A7C`. Wannan matakin ya zauna, bai sake ba ta wahala ba.

Amma takardar da ta kawo ranar Litinin iri ɗaya ce da ta makon jiya: `FAULT` sau huɗu, maki 2 cikin 4. Ta tsaya a gaban teburina ta ce, "Malam, na gyara rabon fa, amma amsar ba ta motsa ba." Na ce mata ta sake duba ƙa'idar da ke bayan takardar, ta ƙara yin gwaji. Shawarar ke nan duka, domin akwai mutum kusan goma a bayanta suna jira.

Abin da ta yi a wannan karon shi ne ta haɗa `0x480` da 7, ta sauka a `0x487`. Nan ta karanta bayit biyu, `00 44`, wanda rabinsa wutsiyar layi na 3 ne, rabinsa kan layi na 4. Lambar da ta fito ba layin kowa ba ce, sai dai bit ɗinta na sama sifili ne.

## Mako na 3, Litinin

Ta haddace ƙa'idar kamar karatun allo. Ta ninka 7 sau 2, ta samu 14, wato `0xE`, ta isa `0x48E`. A nan ne layi na 7 yake da gaske. Ta ga `2B 80`, ta rubuta `0x2B80` kamar yadda suka jeru a takarda. Harafin farko 2 ne, a bainari `0010`, bit na 15 sifili. `FAULT`, maki 2 cikin 4, karo na uku.

Ran nan ba ta yi gardama ba. Ta ce tana ganin takardar ce ke da kuskure, ko kuma ita ce kanta ba ya ja. Na ce ta dawo Laraba da ƙarfe 2, ta zo da duk abin da ta taɓa rubutawa a kan aikin, har wanda ta soke.

## Mako na 3, Laraba, ƙarfe 2 zuwa 3 da rabi

Babu wuta a lab ɗin, hazon hunturu ya sa ɗakin ya yi duhu-duhu, sai muka ja kujeru biyu bakin taga. Na buɗe littafinta shafi-shafi. Gwaji uku ne daban-daban, kowanne ya tsaya a wuri daban saboda dalili daban, amma duk sun ƙare da kalma ɗaya. Na jera mata wuraren da ta karanta: `0x483`, `0x487`, `0x48E`. Ta dube su ta yi shiru, can ta ce, "To ashe ina matsowa."

Sai na sa ta ja layi ta raba takarda gida biyu, hagu lamba, dama kuma a rubuta ko lambar mece ce. Kalmomi uku kawai na yarda ta yi amfani da su: lambar layi, lambar firam, adireshin bayit. Sharaɗin shi ne ba za a haɗa lambobi biyu ba sai jinsinsu ɗaya, kuma ba za a leƙa memori ba sai da adireshin bayit.

Ƙasan lab ɗin tayil ne, sai na yi amfani da shi. Na ce ta ɗauka kowane tayil bayit ɗaya ne, kowane layin tebur kuma yana cin tayil biyu, kamar shaguna a jere a kasuwar Sabon Gari. In an ce miki shago na bakwai, ba taku bakwai ake nufi ba. Sai kin san faɗin shago ɗaya kafin ki san inda za ki tsaya. Ta fara daga jikin bango tana ƙirgawa daga sifili, ta taka tayil 7, ta tsinci kanta tsakiyar layi na 3, ƙafa ɗaya na neman shiga layi na 4. Ta yi dariya. Na ce mata ga abin dubawa mai sauƙi: tunda tebur yana farawa a adireshin da 64 ke rabawa, layi kuma bayit 2 ne, adireshin layi ba zai taɓa zama lamba mara ba. Duk wanda ya ga kansa a `0x483` ko `0x487`, ya koma baya kafin ya karanta komai.

Batun `2B 80` ya fi ɗaukar lokaci. Takardar ta faɗa a layinta na biyu cewa na'urar tana ajiye ƙaramin bayit a gaba, babba a baya, yadda firosesan Intel ke yi, amma jimla ce guda a cikin rubutu mai yawa. Na tambaye ta: "A ƙa'idarmu, bit na 8 zuwa na 13 me ya kamata su kasance?" Ta ce sifili. Na ce ta warware `0x2B80` ta gani. Babban bayit ɗinsa `0010 1011`, ɗaya-ɗaya sun cika wurin da ya kamata a ce babu komai. Layi irin wannan ba zai yiwu a na'urarmu ba. Ta juya su, ta samu `0x802B`: bit na 15 ɗaya ne, tsakiya fes, lambar firam `0x2B`. Sai ta koma ta kalli jerin memorin gaba ɗaya, ta ce, "Shi ya sa 80 ke ta zuwa a baya-baya." Haka ne: `31 80`, `44 80`, `2B 80`, duk layuka ne masu aiki, kowanne da tutar aikinsa, wato bit na 15, a bayit na biyu.

Daga nan na yi shiru na bar ta. Ta ninka 9 sau 2, ta samu 18, wato `0x12`. Ta haɗa da `0x2B`, ta rubuta `0x3D`, ta ɗaga biro za ta nemi wurin a takarda, sai ta tsaya. Lambar mara ce. Ta dubi gefen dama, ta ga a gaban `0x2B` ta rubuta lambar firam da hannunta, a gaban `0x12` kuma bayit. Ban ce komai ba ta soke shi, ta ninka: `0x2B` shi ne 43, 43 sau 64 ya ba da 2752, wato `0xAC0`. Nan tebur na ƙasa yake farawa. Sauran ya tafi haka, inda PDE ke nufin layin tebur na sama, PTE layin tebur na ƙasa, PA kuma adireshin fizikal:

```
PDE @ 0x480 + 7*2 = 0x48E -> 0x802B
PTE @ 0xAC0 + 9*2 = 0xAD2 -> 0xC05E
PA  = 0x5E*64 + 60 = 0x1780 + 0x3C = 0x17BC
```

A `0xAD2` akwai `5E C0`, in an juya `0xC05E`. Harafin C a bainari `1100` ne, wato layin na aiki kuma an yarda a yi rubutu. Lambar firam `0x5E`, 94 ke nan, 94 sau 64 kuma 6016. A ƙara ofset 60, a samu 6076, wato `0x17BC`.

Na nuna mata dubawa ta ƙarshe. Fassara ba ta taɓa ofset, don haka bit 6 na ƙarshen amsa dole su yi daidai da bit 6 na ƙarshen adireshin farko. 7C shi ne `0111 1100`, BC kuma `1011 1100`. Shidan ƙarshe iri ɗaya ne, biyun saman ne suka canza, domin a ɗaya ɓangaren lambar shafi ne, a ɗayan ɓangaren lambar firam.

Kafin ta tashi ta yi tambayar da na so a ce ajin duka sun ji: in har tebur biyu ne ke jawo duk wannan wahalar, me ya hana a yi ɗaya? Muka lissafa tare. Adireshi mai bit 16 da shafi mai bayit 64 na nufin shafuka 1024. Tebur ɗaya miƙaƙƙe zai ci bayit 2048, firam 32, ko manhajar na amfani da shafukan ko ba ta yi. A takardarmu layuka 3 ne kawai ke aiki a tebur na sama, don haka firam 4 sun wadatar, bayit 256. Kowane layin sama da ba ya aiki ya sallami bayit 2048 na adireshi ba tare da an gina masa tebur ba. Kuɗin da ake biya shi ne karatu: sau biyu a tebura kafin a kai ga bayit ɗin da ake so, abin da ya sa firosesa ke da TLB, 'yar ma'ajiyar da ke riƙe fassarorin baya-bayan nan. Kuma in manhaja ta cika dukkan shafukanta, tebur biyu ya fi cin wuri, firam 33 maimakon 32.

## Mako na 4, Litinin

Ta kawo takardar da gida biyunta. `0x3A84` ya rabu 7, 10, 4. Layin ƙasa yana `0xAD4`, `07 80` ya zama `0x8007`, firam na 7, amsa `0x1C4`. A gefe ta ƙara da ƙaramin rubutu cewa da rubutu aka nema maimakon karatu, da an hana, domin bit na 14 sifili ne duk da shafin yana nan.

Sauran biyun `FAULT` ne na gaskiya, amma yanzu ta faɗi inda kowanne ya faɗi. `0x3A10` ya wuce tebur na sama lafiya, ya tarar da sifili a `0xAD0`, layi na 8 na tebur na ƙasa. `0x1800` bai ma kai can ba, layi na 3 na tebur na sama a `0x486` babu komai. Maki 4 cikin 4. Ta ce minti 25 aikin ya ɗauke ta.

## Mako na 6

Aikin gaba ya ɗauko tsarin gaske, na Intel 80386 da ya fito a 1985: adireshi mai bit 32, rabon 10, 10, 12, shafi mai bayit 4096, layi mai bayit 4, kowane tebur layi 1024, adireshin tebur na sama kuma yana cikin rajistar `CR3`. Rabon bai ba ta wahala ba, ninkawa sau 4 ma haka, juya bayit ma haka. Inda ta yi tuntuɓe shi ne tutar aiki. A 80386 bit na 0 ne ke cewa shafi yana nan, lambar firam kuma tana bit 20 na sama. Ta dubi bit mafi girma yadda ta saba, ta rubuta `FAULT` a adireshi biyu masu kyau. Ita ta gano da kanta kafin ta miƙa takardar, da ta ga ashe ba ta rubuta fasalin layi a saman shafin ba tukuna. Da ta zana shi, sai ta lura da wani sauƙi: tunda lambar firam na zaune a sama, shafe haruffan heks uku na ƙasa kaɗai ya isa ya ba da adireshin, ninkawar ta riga ta kasance a cikin fasalin.

## Abin da na gani a lamarin

Kurakuran nata huɗu ba iri ɗaya ba ne. Biyu na karanta fasali ne: inda adireshi ke rabuwa, da yadda bayit biyu ke jeruwa. Biyu kuma na cuɗa jinsin lamba ne: ɗaukar lambar layi a matsayin bayit, da ɗaukar lambar firam a matsayin adireshi. Rubutun Python ya warkar da na farko kawai, domin abin da aka rubuta shi ya yi ke nan. Haddar ƙa'ida ta kai ta layin da ya dace, amma ba ta ba ta hanyar gane lambar da ba za ta yiwu ba. Takarda mai gida biyu ta yi aiki ne saboda ta tilasta a faɗi abin da heks ke ɓoyewa: `0x2B` da `0x12` kamanninsu ɗaya a ido, babu abin da ke hana a haɗa su sai sunan da aka rubuta a gefensu.

Makonni biyu daga cikin ukun kuwa ni na jawo su. Na gina memorin misalin da sifili da yawa, don haka duk inda mutum ya kauce, kan sifili zai sauka, amsar ta fito `FAULT`. Na kuma sa adireshi biyu cikin huɗu waɗanda amsarsu ke nan da gaske, sai ya zama wanda bai fahimci komai ba da wanda saura ƙiris duk maki 2 suke samu. Da na ga `0x487` a takardarta tun mako na 2, da minti ɗaya ya isa.

Na'urar wasan ita ma tana da nata laifin, wanda mako na 6 ya tona: mutum na iya ɗaukar zaɓin da muka yi don sauƙi a matsayin dokar kowace kwamfuta. A sabuwar takardar da na shirya wa ajin baya, akwai gurbin adireshin layin sama, gurbin abin da aka karanta a can, da irin su na layin ƙasa, kowanne da makinsa, kuma `FAULT` ba ya cin maki sai an faɗi tebur da layi. Na kuma mayar da tutar aiki bit na 0 a rabin takardun, na bar ta a bit na 15 a sauran rabin.